Wasiƙar neman ɗaukar nauyin taron ɗalibai: abin da ya kamata ku sani kafin ku miƙa ta

Duk shekara, da zangon karatu na biyu ya kankama, sai ka ga shugabannin ƙungiyoyin ɗalibai na jami'o'i da kwalejoji suna zagaya bankuna da kamfanoni da ofisoshin gwamnati, kowa riƙe da farin ambulan. Taron ilimi na shekara ya gabato, asusun ƙungiya kuma bai kai ya kawo ba. Yawancin wasiƙun nan ba a ba su amsa, ko ta e ko ta a'a. Ɗalibai kan ce masu kuɗi ne ba sa son ilimi. Wani lokaci haka ne, amma sau da yawa matsalar tana cikin wasiƙar kanta, domin an rubuta ta ba tare da tunanin hannun da za ta faɗa ba.

Ambulan ɗin da aka rubuta wa "Manajan Darakta" da wuya ya isa teburinsa kai tsaye. Mai karɓar baƙi ko sakatare ne zai amsa, ya buga hatimi, ya tura wa jami'in da ke kula da talla ko hulɗa da jama'a. Wannan jami'in ba shi da ikon fitar da ko kwabo. Aikinsa shi ne ya rubuta wa na gaba da shi 'yar takarda ta cikin gida yana cewa: ga waɗanda suka nema, ga abin da suke so, ga kuɗin, ga amfanin da za mu samu, ina ba da shawarar a amince. Daga nan takardar ta wuce sashen kuɗi, inda za a tambayi asusun da za a biya da shaidar da za a ajiye saboda masu binciken kuɗi na ƙarshen shekara. Idan wasiƙarku ta ba jami'in duk abin da zai cika takardarsa da shi, kun sauƙaƙa masa, kuma zai iya tura ta a ranar. Idan kuwa sai ya neme ku ya tambayi nawa kuke so, yaushe ne taron, wa ya san da ku a jami'a, to zai ajiye ta a gefe, domin akwai wasu goma a ƙarƙashinta. Saboda haka duk abin da za ku sa a wasiƙar, ku auna shi da tambaya ɗaya: wannan zai taimaki jami'in ya kare buƙatarmu a gaban maigidansa?

Kafin a kai ga rubutu, sai an yi lissafi. A ɗauki misalin ƙungiyar ɗalibai masu koyon harhaɗa magunguna a wata jami'ar tarayya a Arewa, wadda ke shirya taron kwana biyu kan jabun magunguna, tana sa ran mutum 300. Alkaluman na misali ne, farashi kuma yana canjawa, don haka dole ku je wurin maɗaba'a da mai abinci ku karɓo nasu a rubuce. A ce jimillar kuɗin taron ta kama naira 3,600,000. Abinci ne ya fi cin kuɗi, naira 1,500,000, wato mutum 300 sau kwana biyu a kan 2,500 kowane kwano. Buga littafin taƙaitattun maƙaloli kwafi 300 a kan 2,000 ya kama 600,000. Kuɗin mota da masaukin manyan baƙi uku masu gabatar da lacca 450,000. Ragowar ta tafi a man janareta, lasifika da majigi, jakunkuna da takardun shaida, kyaututtukan gasa, da ɗan abin ko-ta-kwana.

Sai ɓangaren abin da ke hannu. A nan ne ɗalibai suka fi yaudarar kansu. Idan kuɗin rajista naira 3,000 ne, kada ku ninka shi da 300, domin manyan baƙi da malamai da 'yan kwamiti ba za su biya ba, wasu ɗaliban kuma za su shigo su zauna ba tare da sun biya ba. Ku lissafa mutum 200, ya zama 600,000. A ƙara 350,000 daga kuɗin ƙungiya da 500,000 da tsofaffin ɗalibai suka yi alkawari. An samu 1,450,000, giɓin da ya rage 2,150,000 ke nan. Wannan giɓin shi ne abin da ake nema, kuma ba daga mutum ɗaya ba. Kamfanin da ya ga kun riga kun haɗa kashi 40 cikin ɗari da kanku ya fi samun natsuwa da ku fiye da waɗanda suka zo hannu rabbana suna so a ɗauke musu komai.

Na fi son a yanka giɓin gida-gida, kowane mai ɗaukar nauyi a ba shi abu guda mai suna. Kamfanin rarraba magunguna a nemi ya biya kuɗin buga littafi. Kamfanin ruwa ko lemo a nemi katan-katan na kayansa maimakon kuɗi, wanda ya fi masa sauƙi nesa ba kusa ba, domin manajan shiyya kan iya sakin kaya ba tare da takarda ta je hedikwata ba. Otal a nemi ɗaki uku na kwana biyu. Akwai salon nan da ake kwaikwayo na raba masu tallafi zuwa ajin zinariya da azurfa da tagulla, kowanne da farashinsa. Yana aiki a babban taro na ƙasa da ya shekara da shekaru ana yi. A taron sashe guda kuwa, na ga ya fi kyau a ce wa mutum "littafin nan kai ka buga shi", domin abu ne da zai riƙe a hannu ya nuna wa maigidansa.

Ga yadda cikin wasiƙar zai iya kasancewa. A Najeriya galibi da Turanci ake rubuta wa kamfanoni, amma tsarin ɗaya ne ko da wane harshe aka yi ta. Bayan kwanan wata, lambar wasiƙa, adireshi da gaisuwa, sai kan magana: "Neman ɗaukar nauyin buga littafin taron ilimi na shekara, naira 600,000". Sannan:

"Ranka ya daɗe, mu ne ƙungiyar ɗaliban tsangayar harhaɗa magunguna ta wannan jami'a, mai rajista a ofishin shugaban sashen harkokin ɗalibai. Za mu gudanar da taronmu na ilimi na shekara ranar kaza da kaza a babban ɗakin taro na tsangaya, kan yadda ake gane jabun magunguna. Muna roƙon kamfaninku ya ɗauki nauyin buga littafin maƙalolin taron, kwafi 300, a kan naira 600,000.

"Muna sa ran mutum 300. Kimanin 220 ɗalibai ne na aji uku zuwa aji biyar, sauran malamai ne da masu shagunan magani da ma'aikatan asibitoci na cikin gari. Taron bara ya samu mutum 240, mun haɗo rahotonsa da hotuna. Jimillar kasafin bana naira 3,600,000 ce, mun tanadi 1,450,000 daga rajista da kuɗin ƙungiya da tsofaffin ɗalibai.

"Idan kun amince, tambarinku zai fito a bangon littafin na gaba, tallarku ta cika bangon baya, za mu ba ku teburin baje koli a ƙofar ɗakin taro duka kwana biyun, wakilinku kuma zai yi jawabi na minti goma a ranar buɗewa. Za ku iya biyan maɗaba'ar kai tsaye, ga takardar farashinta a haɗe, ko ku biya ta asusun ƙungiya da ke ƙasa. Maɗaba'ar na buƙatar mako uku, don haka muna fatan jin matsayinku kafin ranar kaza. Za mu kawo muku rahoto da rasit cikin mako biyu bayan taro."

Sai sa hannun shugaba da sakatare, da lambar wayar mutum ɗaya da zai riƙa ɗauka, sannan sa hannu da hatimin malamin da ke ba ƙungiyar shawara. Shafi ɗaya ya ishe ta. Kasafi, jadawalin taro, rahoton bara da takardar rajistar ƙungiya su zo a matsayin rataye.

Ku lura da inda kuɗin ya fito: a kan magana da kuma sakin layi na farko. Akwai kunya irin tamu da ke sa ɗalibi ya cika shafi guda da yabon kamfani da tarihin ƙungiya, ya kai ƙarshe ya ce "muna neman duk abin da Allah ya hore". Wannan lafazin ya dace da neman taimakon masallaci ko na maraya, inda mai bayarwa lada yake nema. Jami'in kamfani ba zai iya rubuta "abin da Allah ya hore" a gurbin adadi ba. Ko dai ya ajiye wasiƙar, ko ya rubuta mafi ƙanƙantar abin da ba za a tuhume shi a kai ba. Faɗin adadi ba rashin ladabi ba ne. Ladabin yana cikin gaisuwa da lafazi da yadda kuka shiga ofishin.

Sakin layi na biyu shi ne abin da kuke sayarwa, ko da ba ku saba kallonsa haka ba. Kamfanin magani ba ya damuwa da cewa taronku "zai ciyar da ilimi gaba", kowace wasiƙa haka take cewa. Abin da ya dame shi shi ne ɗalibai 220 da nan da shekara biyu ko uku za su tsaya a bayan kantar shagunan magani da ɗakunan magani na asibitoci. Banki kuma sababbin asusu yake hange. Don haka wasiƙar banki da ta kamfanin magani ba za su zama iri ɗaya ba, kuma kuskure ne babba a buga kwafi talatin a riƙa canja suna kawai a sama. Jami'an nan sun ga dubu, da kallo ɗaya suke ganewa, balle a manta sunan wani kamfanin a tsakiyar shafi. Sannan kada ku kumbura adadin mahalarta. Wanda aka ce masa mutum 1,000 ya zo ya tarar da 150 ba zai yi faɗa ba, amma ƙungiyarku ta gama samun kuɗinsa, har waɗanda za su gaje ku.

Haka nan kada ku yi alkawarin abin da ba naku ba. Tambarin jami'a na jami'a ne, ba ku da ikon ba kamfani damar liƙa shi a tallarsa. Kafa rumfa ko rataya kyallen talla a harabar makaranta na buƙatar izinin hukuma, ku samo shi kafin ku rubuta. Sunaye da lambobin wayar mahalarta kuwa amana ce, kuma Najeriya na da dokar kare bayanan mutane tun 2023, don haka ba a miƙa wa kamfani rajistar taro sai da yardar masu ita. Minti goman da kuka ba wakilin kamfani ya tsaya a jawabin fatan alheri. Bai kamata mai ɗaukar nauyi ya zaɓa muku masu lacca ko ya sa baki a abin da maƙaloli za su ce ba, musamman a taron da ya shafi magani, inda wata rana binciken ɗalibi zai iya taɓa kayan da kamfanin ke sayarwa. Idan aka sa wannan sharaɗin, a yi godiya a nemi wani.

Maganar asusu ita ce ta fi kashe wasiƙu bayan an riga an amince. Kamfani mai tsari ba zai tura kuɗi asusun ma'aji na kansa ba, ko da mutumin kirki ne, domin sashen kuɗi ba shi da yadda zai bayyana hakan. Ana buƙatar asusu da sunan ƙungiya, mai sa hannun aƙalla mutum biyu, zai fi kyau ɗaya ya zama malami. Bankuna kan nemi kundin tsarin ƙungiya, takardar zaman da aka yanke shawarar buɗe asusun, wasiƙar gabatarwa daga jami'a, da lambobin BVN da NIN na masu sa hannu. Wasu kan nemi har da takardar rajista daga Hukumar Rajistar Kamfanoni, abin da yawancin ƙungiyoyin sashe ba su da shi. Idan an yi sabon zaɓe, canja masu sa hannu kan ɗauki makonni, don haka a fara shi tun ranar rantsuwa.

Wasu kan ce to a biya ta asusun jami'a mana. A jami'o'in tarayya wannan hanya ce mai tsawo, domin tun 2015 kuɗaɗen hukumomin tarayya ke shiga asusun bai-ɗaya na gwamnati da ke Babban Banki, fitar da su kuma sai an bi matakan ofishin ma'ajin jami'a. Kuɗin na iya fitowa bayan an watse taro. Shi ya sa a wasiƙar misali aka ba kamfanin zaɓin ya biya maɗaba'a kai tsaye. Wannan jimla guda tana kawar da zargi gaba ɗaya: kuɗin bai bi ta hannun ɗalibi ba, kamfanin ya samu rasit daga 'yan kasuwa irinsa, ku kuma kun samu littafinku.

Sa hannun malami ma ba ado ba ne. Ana yawan damfarar kamfanoni da wasiƙun ƙungiyoyin bogi, don haka jami'in na son wani mai albashi da ofishi wanda zai kira ya tabbatar. Ku kai wa malamin wasiƙar da kasafin ya karanta a tsanake, kada ku tare shi a bakin mota da biro. In son samu ne, shugaban tsangaya ya ƙara 'yar wasiƙar goyon baya ta layi huɗu a kan takardar ofishinsa.

Sai lokaci. Wasiƙar da aka kai saura mako biyu taro ta makara, duk kyawunta. Wata uku shi ne daidai ga kamfanin da ke cikin gari, fiye da haka ga banki ko kamfanin sadarwa, domin reshe ba ya yanke irin wannan hukunci, sai ya tura Legas ko Abuja. Bankunan Najeriya da kamfanoni da yawa suna rufe shekarar kuɗinsu ranar 31 ga Disamba, kasafin talla na shekara mai zuwa kuma a watannin ƙarshe ake tsara shi. Wanda taronsa ke watan Mayu, ya kai wasiƙa a Nuwamba ko Janairu, ya tarar da tukunya a cike. Wanda ya zo a Oktoba yana neman kuɗin taron Nuwamba, sau da yawa ƙanzo zai tarar. Ku duba kalanda kuma: azumi na matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, kuma taron da ya faɗa cikinsa kasafin abincinsa da jadawalinsa duk sai sun canja. Ga yajin aiki. A 2022 yawancin jami'o'in gwamnati sun kasance a rufe daga Fabrairu zuwa Oktoba, wata takwas. Saboda irin haka yana da kyau a ƙara layi guda a wasiƙa ko a takardar yarjejeniya: idan aka ɗage taro, za a sanar da ku a rubuce, kuɗinku kuma zai jira sabuwar rana ko a mayar muku.

Akwai ƙofofin da ba sai kun ɓata takarda a kansu ba. TETFund na tallafa wa manyan makarantun gwamnati ne ta hannun hukumominsu, kuɗin halartar taro da take bayarwa kuma na ma'aikata ne, ba na ƙungiyar ɗalibai ba. Kamfanonin taba sigari wata doka ta 2015 ta hana su ɗaukar nauyin taruka don talla. Na giya da na caca kuwa, ko sun bayar, a harabar jami'a a Kano ko Sakkwato ko Zariya kun san abin da zai biyo baya. 'Yan siyasa su ne suka fi saurin amsawa, kuma su ne suka fi tsada. Ɗan majalisa na iya ba da kuɗi hannu da hannu ba tare da rasit ba, ya iso a makare da tawagarsa, zaman gabatar da maƙaloli ya koma gangami. In za ku karɓa, ku sa ya shiga asusun ƙungiya, ku kuma rubuta tun farko iya abin da za a yi masa, kamar kujera a babban teburi da godiya a littafi. Ƙofar da ta fi buɗuwa ita ce ta tsofaffin ɗalibai. Wanda ya gama sashenku shekara goma da suka wuce, yanzu yana aiki a kamfanin, shi zai gaya muku sunan jami'in da ya kamata a rubuta wa da watan da ya dace.

Ranar kaiwa, ku je da kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗaya ku dawo da shi. Ku tambayi sunan wanda za a miƙa wa. Idan ta imel ce, ku haɗa komai a fayil ɗaya na PDF, ku tura daga adireshin ƙungiya, ba hoton takarda da aka ɗauka da waya a karkace ba. Bayan mako ɗaya ku kira, bayan mako biyu ku je, zuwa da kai ya fi aike. Mutum biyu sun isa, cikin shiga ta kamala, kuma wanda zai yi magana ya san kasafin da ka. Daga amsar za ku gane inda kuka tsaya. Idan aka fara tambayar ku takardar farashi, ko girman shafin talla, ko sunan asusu, magana ta yi nisa. Idan sau uku ana ce muku "tana kan teburin oga" ba tare da wata tambaya ba, ku mayar da hankali wani wurin. Idan aka ce za a ba da rabi, ku karɓa, ku daidaita abin da za ku yi musu da rabin, ku kuma nemi amincewar a rubuce ko da ta saƙon imel ne. Kada ku buga tambarin kowa a kan alkawarin baki.

Bayan taro, rahoton da kuka yi alkawari shafi biyu ne kacal: adadin waɗanda suka zo bisa rajista, abin da aka samu da abin da aka kashe, kwafin rasit na ɓangaren da kamfanin ya biya, hotuna huɗu ko biyar da tambarinsa ya fito a ciki, da kwafi biyu na littafin. Idan mutum 260 suka zo maimakon 300, ku rubuta 260. Shugabannin ƙungiyar ɗalibai shekara ɗaya suke yi, jami'in kamfanin kuwa yana nan a kujerarsa, kuma fayil ɗin ƙungiyarku zai buɗe idan wasiƙar baɗi ta iso. Ku ajiye kwafin wasiƙun, da rahoton, da sunayen jami'an da kuka yi hulɗa da su a ofishin malamin da ke ba ku shawara, ku kuma sa su cikin takardun miƙa mulki, domin sabon sakatare ya fara rubuta tasa tun makon farko.